Lambobi Huɗu a Jikin Kwalba

A watan Oktoba na 2020, lokacin da annobar korona ta sa kowa yana kallon allura da idon zargi, gwamnatin Kamaru ta shigar da wata sabuwar allura cikin jerin rigakafin yara. An ce ta 'yan mata ce masu shekara tara, kuma tana kare su daga sankarar bakin mahaifa. Ministan lafiya, Manaouda Malachie, ya sha fitowa yana bayani, amma jita-jita ta riga shi isa gidaje. A waya ana ta tura saƙon cewa allurar hana haihuwa ce. A Obala, arewa da Yawunde, wani babban malamin cocin Katolika ya rubuta takarda yana hana a yi ta a makarantun cocin. Iyaye da yawa, Kirista da Musulmi, suka riƙe 'ya'yansu a gida.

Allurar ta iso gundumar lafiya ta Cité Verte kamar yadda ta iso sauran gundumomi, kuma a cikin wannan gunduma ne unguwarmu ta Briqueterie take, wadda aka fi sani da Birik, inda Hausawa suka yi kaka-gida tun iyaye da kakanni, unguwar teloli da 'yan tsire da babban masallaci. A duk gardamar da aka yi, ban ji wanda ya tsaya ya karanta abin da aka rubuta a jikin 'yar kwalbar ba. Bayan sunanta, Gardasil, akwai lambobi huɗu: 6, 11, 16, 18. Biyun ƙarshe su ne na sankara, kuma su kaɗai aka yi ta magana a kansu. Biyun farko na wani ciwo ne da ya fi sankarar yawa nesa ba kusa ba, wanda yake cikin gidajenmu amma ba a ambatarsa: tsiro mai laushi da ke fitowa a al'aura ko a bakin dubura, ba zafi, ba zogi, sai dai ƙaiƙayi jefi-jefi da jini idan an sosa. Likitocin Yawunde suna ce masa kondilom. A bakin masu jin Faransanci sunansa zankon zakara, kuma duk wanda ya taɓa ganin babba daga cikinsa ya san sunan ya dace.

Ciwon tsoho ne. Likitocin Girka da na Rum sun san shi, kuma Celsus ya rubuta bayaninsa a ƙarni na farko na Miladiyya. Rumawa suna kiransa ɓaure, saboda in ya taru yakan yi kama da cikin ɓauren da aka tsaga. Daga ƙarshen ƙarni na 15, da tunjere ya mamaye Turai, sai aka jingina masa duk wani abin da ya fito a al'aura, har da wannan tsiro, aka dinga ɗirka wa masu shi maganin tunjere mai guba ba tare da wani amfani ba. Sai a 1793 wani likitan fiɗa na Edinburgh, Benjamin Bell, ya nuna cewa tsiron daban, tunjere daban. Duk da haka an ƙara shafe fiye da shekara ɗari ana cewa ƙazanta ce ko ruwan ciwon sanyi ke haddasa shi.

A 1907 wani likita ɗan Italiya, Giuseppe Ciuffo, ya yi gwaji a jikinsa. Ya samo irin tsiron nan mai kaushi da ke fitowa a hannu, wanda wasu ke kira tusar jaki, ya niƙa, ya tace da matacin da ƙwayar bakteriya ba ta iya ratsawa, sannan ya tsira wa fatar hannunsa ruwan. Bayan watanni tsiro ya fito a wurin. Ashe akwai wani abu mai rai-rai, ƙarami ƙwarai, da ke ɗaukar ciwon daga fata zuwa fata, wato bairos. Ba a gan shi da ido ba sai a 1949, da madubin lantarki.

Amma ta yaya na al'aura ke yaɗuwa? Amsar ta fito daga yaƙi. A 1954 wasu likitocin Amurka uku, Barrett da Silbar da McGinley, suka ba da labarin matan sojojin da suka dawo daga yaƙin Koriya. Mazan sun dawo da tsiro a gabansu, kuma cikin mako huɗu zuwa shida sai ga shi ya fito wa matan. Wannan ya zama hujja mai ƙarfi cewa saduwa ce hanyarsa. A 1971 wani likita a Landan, David Oriel, ya bi sawun abokan kwanciyar masu ciwon, ya ga kusan biyu cikin uku sun kamu. Ya kuma auna tsawon lokacin da ƙwayar ke kwanciya kafin ta nuna kanta: daga mako uku har zuwa wata takwas, galibi wajen wata uku.

Wannan lissafi na Oriel ya cancanci a tsaya a kansa, domin a unguwa irin tamu shi ne ke tsakanin zaman aure da mutuwarsa. Idan tsiro ya fito wa mace, abin da ke fara zuwa zuciyar miji shi ne ta ci amanarsa. Idan gidan mai mata biyu ne, uwargida ta ce amarya ce ta kawo, amarya ta ce a gidan ta tarar. Gaskiyar magana, babu likitan da zai duba tsiro ya faɗi ranar da aka ɗauka, balle daga wa. Binciken da ya biyo bayan na Oriel ya nuna ƙwayar tana iya yin shiru fiye da wata takwas ɗin ma, ta farka sai lokacin da garkuwar jiki ta yi rauni, kamar lokacin goyon ciki. Mafi yawan masu ɗauke da ita ba za su taɓa ganin komai a jikinsu ba, suna kuma iya ba wani. Mijin da ke rantsuwa lafiyarsa ƙalau, yana iya zama mai gaskiya a abin da idonsa ya gani, ya kuma zama shi ne ya kawo ta daga auren da ya yi shekarun baya. Bazawarar da ta kama kanta tun fitowarta, tana iya shigowa da ita daga gidan tsohon miji ba ta sani ba. A al'ummar da aure da saki da sake aure suke halal kuma suke da yawa, ƙwayar ba ta buƙatar alfasha kafin ta zaga. Ina ganin zalunci ne a yanke wa mutum hukunci da hujjar da ilimi ya riga ya nuna ba ta tsayawa.

Sauran labarin ya bi ta hanyar sankara. Tun 1842 wani likita a birnin Verona, Domenico Rigoni-Stern, ya duba littattafan rajistar mamata na shekaru tamanin, ya lura cewa sankarar mahaifa ta yi yawa a cikin matan aure da zawarawa, amma da wuya a same ta a cikin mata masu zaman zuhudu a coci waɗanda ba sa aure. An daɗe ana neman abin da saduwa ke kawowa da ke jawo wannan. Zuwa farkon shekarun 1970 yawancin masana sun tsaya a kan wani bairos daban, mai fitar da ƙuraje masu ruwa da zafi. Wani Bajamushe, Harald zur Hausen, ya nemi alamar wannan bairos a cikin naman sankara bai samu ba. Ya kuma karanta tsoffin rahotanni na mutanen da tsiron al'aurarsu ya rikiɗe ya zama sankara, ko da yake ba su da yawa. Sai ya ce a duba dangin bairos ɗin tsiro, wanda ake taƙaita sunansa da HPV. An ɗauki shekaru ba a kula shi ba.

A Freiburg, shi da ɗalibinsa Lutz Gissmann suka ciro bairos daga tsiron al'aura a 1980, aka ba shi lamba 6, domin ana ba su lamba ne bi da bi yadda aka gano su. A 1982 suka ciro wani ɗan'uwansa na kusa daga tsiron maƙogwaro, aka ba shi lamba 11. Sai dai da suka duba naman sankarar bakin mahaifa, waɗannan biyun ba sa nan, sai nadiran. Wani zai ce hasashen ya rushe ke nan. Su kuwa sai suka yi dabara: suka ɗauki ƙwayar gadon lamba 11 suka yi ƙugiya da ita, suka sassauta gwajin yadda za ta maƙale wa duk wani mai kama da ita ko da ba ita ba ce. A 1983 ƙugiyar ta kamo lamba 16, wadda aka samu a kusan rabin naman sankarar da aka gwada. A 1984 aka samu lamba 18. Cikin naman da aka yi aikin da shi har da wanda aka aiko daga Afirka. An ba zur Hausen kyautar Nobel a 2008, ya rasu a 2023.

To, a nan ne amsar tambayar da ke hana mai tsiro barci take. HPV dangi ne babba, ya haura iri 200, kuma wajen 40 daga ciki ne ke zama a al'aura. Lamba 6 da 11 su ke haddasa kusan tara cikin goma na tsiron da ake gani. Lamba 16 da 18 su ke haddasa kusan bakwai cikin goma na sankarar bakin mahaifa. Gida ɗaya suka fito, hanya ɗaya suke bi, amma halinsu ya bambanta. Dukkansu suna shiga ta 'yar tsagar da gogayya ke yi wa fata, wadda ido ba ya gani, su sauka a can ƙasan fata inda sababbin ƙwayoyin jiki ke haihuwa. Lamba 6 da 11 suna sa ƙwayoyin su yi ta ninkuwa har fata ta tattaru ta yi tsini-tsini, kowane tsini da 'yar jijiyar jini a tsakiyarsa. Shi ya sa ba ya ciwo, tunda fata ce ta ƙaru ba gyambo ba ne, shi ya sa kuma yake zubar da jini in an yanka. Amma ba sa lalata birkin da Allah ya sa wa ƙwayar jiki don kada ta wuce gona da iri. Lamba 16 da 18 kuwa suna da sinadarai biyu masu ƙarfi da ke tsinke wannan birki. Ba sa yin tsiron da mace za ta shafa ta ji. Suna kwanciya shafe a bakin mahaifa, kuma in jiki bai kore su ba, cikin shekara 15 zuwa 20 wurin na iya zama sankara. Ga mai ƙanjamau da ba ta shan magani, shekarun na iya raguwa zuwa biyar ko goma.

Wato wanda ake gani ba shi ne ke kisa ba, wanda ke kisa kuma ba a ganinsa. Macen da tsiro ya fito mata ba ta kama hanyar sankara saboda tsiron ba. Abin da tsiron ya gaya mata shi ne hanyar da 6 ko 11 ta bi ta shigo a buɗe take ga 16 da 18, saboda haka ta je a duba bakin mahaifarta kamar yadda ya kamata kowace mace ta yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara daga shekara 30, mai ƙanjamau kuwa daga 25. A asibitocinmu galibi ana shafa ruwan binega mai ƙarfin kashi uku zuwa biyar cikin ɗari a bakin mahaifa, a jira minti ɗaya, inda ya yi fari a san akwai abin dubawa.

Magani ya riga sanin ƙwayar zuwa. A 1942 wani likita a New Orleans mai suna Kaplan ya nuna cewa ƙaron wata shuka ta daji, fodofilin, yana sa tsiron ya bushe ya faɗi. Shi ne har yau ake samu a ƙananan asibitoci da yawa a Afirka saboda araha. Ma'aikacin lafiya ne ke ɗiga shi, a wanke bayan awa ɗaya zuwa huɗu, kuma in an zuba da yawa a wuri mai faɗi ko mai rauni yana shiga jini ya yi illa. Daga baya aka tace sinadarin da ke aiki a cikinsa, fodofilotoksin, wanda mutum zai iya shafawa da kansa. A 1997 aka fito da man imikwimod, wanda ba ya ƙona tsiron, sai dai ya tsokano garkuwar jiki a wurin: sau uku a mako da dare, a wanke bayan awa shida zuwa goma, har tsawon mako 16. Akwai daskararwa da ruwan naitirojin mai tsananin sanyi, akwai ƙonawa da lantarki, akwai yankewa a ɗakin tiyata. Abu ɗaya ya haɗa su duka: tsiron suke cirewa, ba ƙwayar ba. Ƙwayar jiki ne ke korar ta da kansa, kuma a wajen tara cikin goma na mutane yakan gama da ita cikin shekara biyu.

Bari mu ɗauki misali, don a ga yadda abin ke gudana a ɗakin duba marasa lafiya. A ce mace ce 'yar shekara 28, matar wani tela, wata bakwai da ɗaura aurenta na biyu. Wajen wanka ta ji wasu 'yan ƙulle-ƙulle guda biyar a ƙasan bakin farji, inda fata ta fi shan gogayya, manyansu kamar ƙwayar dawa, ƙananan kamar gero. Ta yi wata biyu tana zama a ruwan bagaruwa da ɗumi, tana shan maganin sanyi. Sun ƙaru zuwa tara. Ta yi shahada ta hau zuwa asibiti.

Abu na farko da unguwarzoma za ta yi shi ne ta duba da fitila mai haske, domin kama da wane ba ta wane. Tunjere a matakinsa na biyu yana fitar da nasa tsiron a wuri ɗaya, sai dai shi shafaffe ne, mai faɗi, mai danshi, sau da yawa da ƙuraje a tafin hannu da na ƙafa, kuma maganinsa allurar fenisilin ce ba ƙonawa ba. Akwai wasu ƙuraje masu santsi da ɗan rami a tsakiya kamar cibiya, na wani bairos ne daban. Akwai kuma halittar Allah da ba ciwo ba ce sam: 'yan tsirarrun da ke jere reras a gefen kan azzakarin wasu maza, ko a cikin leɓen farjin wasu mata, girmansu ɗaya, dama da hagu daidai. Tsiron HPV ba ya jeruwa haka. Yakan fito nan uku can ɗaya, girma daban-daban, samansa da tsaga-tsaga.

“Ƙanwata, yaushe rabonki da al'ada?”

“Anti, wata biyu ke nan ban gani ba.”

Wannan amsa ta sauya komai. Da ba ta da ciki, da an ba ta fodofilotoksin mai ƙarfin rabin kashi ɗaya cikin ɗari ta tafi gida: ta ɗiga a kan tsiron kaɗai safe da yamma ranar Litinin, Talata da Laraba, ta huta daga Alhamis zuwa Lahadi, ta maimaita har zagaye huɗu in bai tafi ba. Kwana huɗun hutun ba na ado ba ne, su ke ba lafiyayyar fata damar warkewa, kuma mai gaggawar da ya tsallake su yakan ƙare da gyambo. Amma ga mai ciki, shi da fodofilin duka an hana, saboda suna hana ƙwayoyin jiki rabuwa, abin da ɗan tayi ke kan yi dare da rana. Saura asid ɗin da ake rubuta wa TCA, mai ƙarfin kashi 80 zuwa 90, wanda ba ya shiga jini. Unguwarzoma za ta zagaye kowane tsiro da man basilin, ta tsoma ɗan siririn tsinke, ta taɓa kan tsiron, ta jira. Cikin daƙiƙoƙi wurin zai yi fari fat kamar an barbaɗa gari. Akwai raɗaɗi na 'yan mintoci. Ba za a bar ta ta tashi ba sai ya bushe, don kada ya gangara, in kuwa ya gangara a kashe shi da sabulun ruwa ko garin soda. Za ta dawo kowane mako.

A ranar kuma za a ɗebi jininta a gwada tunjere da ƙanjamau. Ba zargi ba ne. Tsiron da ya yi yawa, ya yi girma da sauri, ko ya ƙi jin magani, sau da yawa shi ne alamar farko cewa garkuwar jiki ta faɗi, kuma mai ciki dama ana yi mata gwajin biyun.

A mako na huɗu bakwai sun faɗi, biyu sun rage. A na shida babu ko ɗaya. Bayan wata biyu ta dawo da hawaye, wasu biyu sun fito a gefe. Tsugune ba ta ƙare ba, amma ba wai maganin ya ci tura ba ne, ba kuma wai maigida ya sake kawo mata ba. Ƙwayar tana nan a fatar da ke kewaye, kuma dawowar tsiro cikin wata ukun farko abu ne da aka saba gani, balle ga mai ciki, wadda garkuwarta ta sassauta don ta riƙe ɗa. Sau da yawa bayan haihuwa tsiron yakan janye da kansa. Tambayarta ta ƙarshe ita ce ko sai an yi mata fiɗa. A'a, sai in tsiron ya toshe hanyar haihuwa ko ana tsoron zubar jini mai yawa. Akwai 'yan jarirai ƙalilan da ke ɗaukar lamba 6 ko 11 wajen haihuwa, tsiron ya fito musu a maƙogwaro bayan shekara biyu ko uku, kuma fiɗa ba ta ba da tabbacin hana hakan. Abin da uwa za ta riƙe shi ne: yaron da muryarsa ta dushe makonni ba mura ba tari, a kai shi wurin likitan maƙogwaro.

Shi kuma telan, a duba shi. In yana da tsiro a yi masa magani, in ba shi da shi babu abin da za a ba shi. Su dakata da saduwa har wurin ya warke. Kwaroron roba yana rage yaɗuwa amma ba ya hanawa gaba ɗaya, domin ƙwayar tana kan fatar da robar ba ta rufe ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan fage shi ne aska. Mu Hausawa muna da kalmar da ke haɗiye duk wani abin da ya leƙo a dubura: basir mai tsiro. Muna kuma da tsohuwar al'adar kai mace wurin wanzami ya yanke abin da aka ce ya tsiro mata a gaba, da sunan angurya ko gishiri. Basir jijiya ce ta kumbura, santsi gare ta, takan fito wajen yunƙuri ta koma. Tsiron HPV ba ya komawa, kuma kansa ba santsi. In aka sa masa aska, jini ya zuba, sannan kowace tsaga da askar ta yi sabuwar ƙofa ce ga ƙwayar, shi ya sa bayan wata guda inda aka yanke uku sai a tarar da goma a jere bisa tabon. Haka masu ɗaure shi da zare, da masu ɗiga masa ruwan batir ko kanwa, da masu sayen maganin tusar jakin hannu a kemis su shafa a wurin da fatarsa ba ta kai kaurin fatar leɓe ba. Mafi muni, wani lokaci abin da aka yanke ɗin ba tsiron HPV ba ne tun farko. Ƙullin da ya yi tauri, ya manne da naman ƙasa, ya yi baƙi ko ya fashe ya ƙi warkewa, ko ya fito wa dattijo ko dattijuwa karo na farko, wannan sai an yanki ɗan kaɗan an kai ɗakin gwaji, domin sankarar farji da ta azzakari da ta dubura haka suke farawa. Tun 1925 likitoci biyu a Jamus, Buschke da Löwenstein, suka bayyana wani nau'in tsiron da in an bar shi shekaru yakan yi girman dunƙulen hannu ko fiye, ya dinga cin naman da ke ƙarƙashinsa. Kunya ce ke renonsa har ya kai haka.

Allurar da ta jawo gardama a 2020 ta samo asali ne a Brisbane ta Ostireliya, inda a 1991 Ian Frazer da Jian Zhou suka gano cewa furotin ɗin da ke rufe bairos ɗin, in an samar da shi a ɗakin gwaji, yana harhaɗa kansa ya zama ƙwanso mai kama da bairos amma babu komai a ciki. Gardasil ƙwanso huɗu ne irin wannan, ana noma su a cikin yis. Jiki ya gan su ya ɗauka abokin gaba ne, ya tanadi makami, ranar da na gaske ya zo ya tarar da ƙofa a tsare. Babu ƙwayar cuta a ciki, babu kuma wani sinadarin da ya shafi ƙwan mace. Amurka ta amince da ita a 2006, Ostireliya ta fara yi wa 'yan mata kyauta a 2007. Sankara tana ɗaukar shekaru kafin a ga ko ta ragu, amma tsiro wata uku ne, saboda haka shi ya fara ba da shaida. A asibitocin cututtukan saduwa na Ostireliya, cikin 'yan matan ƙasar da ba su kai shekara 21 ba da suka zo karo na farko, kashi 11.5 cikin ɗari ne ke da tsiro a 2007. Zuwa 2011 ya koma ƙasa da kashi ɗaya. Samarin da ba a yi wa allurar ba su ma nasu ya ragu sosai, tunda babu mai ba su.

Kamaru ba a 2020 ta fara ganin allurar ba. Daga 2010 zuwa 2012 sashen lafiya na cocin Baftis na ƙasar ya yi wa 'yan mata fiye da 6,800 ita, a lokacin sau uku ake yi, kuma fiye da takwas cikin goma sun cika ukun. A 2014 gwamnati ta gwada ta a gundumomin Edéa da Foumban. 'Yan matan da aka yi wa a wancan zagaye na farko yau sun kai shekarun aure da haihuwa. Bayan tangarɗar 2020, sai Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar a 2022 cewa allura ɗaya ma tana wadatarwa ga yara masu lafiya. A farkon 2023 Kamaru ta koma allura ɗaya, ta kuma shigar da yara maza, abin da ya dace da ciwon da tun 1954 aka san maza ke kai wa mata kamar yadda mata ke kai wa maza. Najeriya ta fara tata ranar 24 ga Oktoba 2023, ga 'yan mata masu shekara tara zuwa sha huɗu, kuma Kano da Jigawa da Bauchi suna cikin jihohin farko.

Dalilin zaɓen shekara tara, wanda ya fi komai tayar wa iyaye hankali, yana cikin yadda allurar ke aiki. Tana tare ƙwayar ne kafin ta shiga fata, ba ta fitar da wadda ta riga ta shiga, ba ta kuma busar da tsiron da ya fito. Jikin yaro ƙarami kuma ya fi na babba amsa ta da ƙarfi. Matar telan nan allurar ba za ta cire mata ko ɗaya daga cikin taranta ba. 'Yarta ta auren fari, in ta cika tara, ita ce za a kai wurin rigakafi a gundumar Cité Verte, a yi mata a dantse sau ɗaya, a rubuta ranar a katinta.